Rubuta Sarin Bashi, Cinikin Bashi da Kayan da Aka Mayar a Watan Farko na Ƙaramin Shago

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ƙaramin shagon kayan masarufi zai rubuta harkokinsa na bashi a watan da ya buɗe. Ta ɗauki misalin shago guda ta bi lissafinsa daga ranar zuba jari zuwa ranar rufe wata, domin kafa hujjar cewa kayan da aka mayar, ko mai saye ne ya dawo da su ko shagon ne ya mayar wa dila, dole a ba su shigarwa tasu ta daban, a kan farashin da aka rubuta su tun farko, tare da takardar shaida. Ta kuma amsa sukar masu ganin hakan ya yi wa ƙaramin shago yawa.

Gabatarwa

Mafi yawan ƙananan shaguna a garuruwanmu da bashi suke tashi. Mai shago ya je kasuwa irin ta Singa a Kano, dila ya ba shi kaya a kan ya biya bayan mako biyu ko wata guda, shi ma ya juya ya ba mai gidan abinci ko mai tebur a kan alkawarin biya in an yi ciniki. Daga ranar farko ke nan shagon yana tsakanin bashi biyu, wanda ake bin sa da wanda yake bi. Rubuta bashi ba baƙon abu ba ne ga ɗan kasuwar Bahaushe, domin aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, umarni ce da rubuta bashin da aka ƙayyade wa lokaci. Kusan kowane shago yana da littafin bashi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tsarin da zai sa wannan littafi ya yi magana da sauran lissafin shagon, har a ƙarshen wata a iya cewa ga abin da aka sayar, ga abin da ya dawo, ga riba.

Tsarin da akantoci suke bi shi ne na shigarwa biyu, wanda Luca Pacioli ya bayyana a littafinsa na lissafi da aka buga a Venice a 1494, yana rubuta abin da fataken birnin suka daɗe suna yi. Ƙa'idarsa guda ce: kowace harka tana taɓa asusu biyu, ɗaya a gefen hagu da ake kira debit, ɗaya a gefen dama da ake kira kiredit, kuma kuɗin da ke gefen biyun daidai suke. Dukiyar shago da abin da ya kashe suna ƙaruwa ta hagu. Jari da bashin da ake bin shago da abin da ya samu na ciniki suna ƙaruwa ta dama. Kafin harka ta kai ga leja, wato littafin da kowane asusu yake da shafinsa, sai ta fara sauka a littafin shigarwar farko, inda ake rubuta kwanan wata, asusun da za a yi wa debit, wanda za a yi wa kiredit, lambar takardar shaida, da ɗan bayani a layi guda. Sari da ciniki ba su cika ba mai koyo wahala a wannan tsari ba. Inda lissafin watan farko yake karyewa shi ne ranar da kaya suka juyo baya, kuma a nan ne wannan maƙala za ta fi daɗewa.

Misalin shago da harkokinsa na sari da ciniki

Mu ɗauki shagon da ke sayar da shinkafa da taliya kawai. Farashin da za a ambata na misali ne, an zaɓe su don sauƙin lissafi, kuma an ajiye haya da albashi da harajin kayan masarufi a gefe domin kada su rufe abin da ake son nunawa. A ranar 1 ga wata mai shago ya zuba jarin naira 500,000. Shigarwar farko ita ce debit ga asusun kuɗi, kiredit ga asusun jari. A ranar 3 ya saro buhu 20 na shinkafa bashi. Farashin dila naira 60,000 ne kowane buhu, amma ya yi masa ragin kashi 5 cikin ɗari saboda yawan da ya ɗauka, don haka takardar kaya ta nuna naira 1,140,000, buhu ya tsaya a kan 57,000. Wannan adadin na bayan ragi shi ake rubutawa: debit ga asusun sari, kiredit ga asusun dilan shinkafa. Ragin sari ba ya samun asusu, domin shagon bai taɓa cin bashin 1,200,000 ba balle a ce an yafe masa wani abu. A ranar 5 ya saro katan 40 na taliya daga wani dilan a kan 12,000, jimla 480,000, aka yi shigarwa iri ɗaya. Sarin bashi na watan ya zama naira 1,620,000.

Ya kamata a lura cewa asusun sari na kayan da aka saro don sayarwa ne kaɗai. Da shagon ya karɓi sikeli ko kanta bashi, asusun kayan aiki za a yi wa debit, domin sikeli ba haja ba ne, kuma sanya shi cikin sari zai cinye ribar watan ba gaira ba dalili.

Ta ɓangaren ciniki, a ranar 8 wata mai gidan abinci ta ɗauki buhu 6 a kan 65,000, jimla 390,000. A ranar 12 wani mai tebur ya ɗauki katan 15 a kan 14,000, jimla 210,000. A ranar 20 mai gidan abincin ta ƙara buhu 4, wato 260,000. Kowanne daga cikinsu debit ne ga asusun mai sayen da sunansa, kiredit ga asusun ciniki, kuma jimlar cinikin bashi ta kai naira 860,000. Ana rubuta cinikin a ranar da kaya suka fita daga hannun shago suka shiga hannun mai saye, ko da ba a ga ko kwabo ba, domin daga ranar ne shagon ya sami haƙƙin bin bashin. Cinikin kuɗi hannu na watan, buhu 5 da katan 10, ya kai naira 465,000, kuma shi littafin kuɗi yake shiga, ba ya raɓar littafin cinikin bashi.

Inda kaya suka juyo baya

A ranar 10 mai gidan abinci ta dawo da buhu 2 daga cikin shidan da ta ɗauka, saboda ruwa ya taɓa su tun a sito. Abin da hannu yake saurin yi shi ne a koma layin ranar 8 a soke 390,000 a rubuta 260,000 a kansa. Wannan shi ne abin da nake suka. Dawo da kaya sabuwar harka ce da ta auku a ranarta, tana da dalilinta, kuma akwai wanda ya amince da ita. Shagon zai ba mai gidan abincin takardar ragin bashi mai lamba, ya ajiye kwafi, sannan ya rubuta debit na naira 130,000 ga asusun kayan da masu saye suka dawo da su, da kiredit na adadin ga asusunta. An yi amfani da 65,000 a kowane buhu domin a kan haka aka rubuta mata bashin, kuma abin da ake sauke mata shi ne daidai abin da aka ɗora mata. Takardar ranar 8 da ke hannunta tana nan tana cewa 390,000, littafin shago ma yana cewa haka, sai takarda ta biyu ta bayyana inda 130,000 ta tafi. Ranar da aka zauna lissafi, takardu biyu za su fuskanci layuka biyu. In kuwa an soke, takardarta da littafin shago sun saɓa, kuma babu abin da zai raba gardamar sai tunanin mutane biyu da kowannensu yake da abin da zai ci ko ya rasa.

Washegari, ranar 11, shagon ya mayar wa dilan shinkafa buhunan nan biyu, dila ya karɓa. Buhunan dai su ne, amma kuɗinsu ya canza. Shigarwar ita ce debit ga asusun dilan shinkafa, kiredit ga asusun kayan da aka mayar wa dila, a kan naira 114,000, wato 57,000 sau biyu. Akwai farashi uku da suke yawo a kan wannan buhu, 65,000 na sayarwa, 60,000 na bakin dila, da 57,000 na takardar kaya, kuma na ƙarshen ne kaɗai dila zai yarda ya cire daga bashinsa. Mai rubutun da ya kwafi 130,000 daga shigarwar jiya ya rage wa shagon bashin naira 16,000 da dila bai yafe ba, ya kuma ƙara wa ribar watan wannan adadi. Wanda ya yi amfani da 60,000 ya manta da ragin sari, ya yi kuskuren 6,000. Abin lura shi ne a duka biyun gefen hagu da na dama suna nan daidai, don haka babu gwajin cikin gida da zai tona kuskuren. Shi ya sa ba a ɗaukar mayar da kaya a matsayin abin da ya kammala sai dila ya ba da tasa takardar ragin, an gwada adadinta da abin da aka rubuta.

Akwai kuma wata jarabar da ta fi wannan kama da hikima. Mai shago zai ce ai buhunan sun shigo jiya sun fita yau, ba su kwana biyu a wurinsa ba, me zai sa a ɓata tawada? Idan aka ƙi yin shigarwar biyu duka, littafi zai ci gaba da bin mai gidan abinci 130,000 da ba ta ci ba, zai ci gaba da nuna dila yana bin shagon 114,000 da ya riga ya sauke, kuma ribar 16,000 ta cinikin da ya warware za ta zauna cikin lissafi kamar an same ta. Ƙirgar haja a ƙarshen wata ba za ta nuna komai ba, domin buhunan ba sa cikin shago ko an rubuta ko ba a rubuta ba.

Taliya ta kawo nata darasin. A ranar 7 shagon ya mayar wa dilan taliya katan 3 da kwanan lalacewarsu ya kusa, aka rubuta 36,000 yadda aka yi wa shinkafa. A ranar 22 mai tebur ya dawo da katan 2 da suka murƙushe, aka sauke masa 28,000. Amma wannan karon dila ya ƙi karɓa, yana cewa lafiya kalau suka bar wurinsa. To babu shigarwar mayarwa ga dila, komai jin mai shago cewa an ƙware shi, domin littafi abin da aka amince yake rubutawa, bashin dila kuma yana nan yadda yake. Katan biyun sun koma cikin haja. Uwar kuɗinsu 24,000 ce, amma mu ce ba za su sayu sama da 10,000 ba. Ƙa'idar ƙimanta haja, kamar yadda take a ma'aunin IAS 2 da kuma ma'aunin ƙasa da ƙasa na ƙanana da matsakaitan kamfanoni da aka fitar a 2009, ita ce a ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin uwar kuɗi da abin da kayan za su iya kawowa bayan an cire kuɗin sayar da su. Saboda haka 10,000 za a ƙirga, asarar 14,000 kuma ta faɗa a watan da ta auku.

Rufe wata

Kafin ƙarshen wata mai gidan abinci ta biya naira 300,000 a ranar 25, shagon kuma ya biya dilan shinkafa 600,000 a ranar 28. Biyan bashi ba ciniki ba ne kuma ba sari ba ne. Na farko debit ne ga kuɗi da kiredit ga asusunta, na biyu debit ne ga dila da kiredit ga kuɗi. Wanda ya sake rubuta 300,000 ɗin a matsayin ciniki ya ƙirga shinkafa ɗaya sau biyu, kuma bashin matar ba zai taɓa sauka a littafinsa ba. Idan aka bi shafukan leja, ana bin mai gidan abinci 220,000, ana bin mai tebur 182,000, jimla 402,000. Ana iya tabbatar da wannan ta wata hanya: cinikin bashi 860,000, a cire dawowar kaya 158,000, a cire biyan 300,000, saura 402,000. Haka nan dilan shinkafa yana bin 426,000, dilan taliya yana bin 444,000, jimla 870,000, wanda ya yi daidai da sari 1,620,000 bayan an cire mayarwa 150,000 da biyan 600,000. Wannan hanya ta biyu, wadda akantoci suke ginawa a kan asusun jimla, ba ta yiwuwa sai jimlar kayan da aka mayar tana tsaye da ƙafarta a wani wuri. Mai soke layi ya rasa ta.

Daga nan sai gwajin daidaito. A hagu akwai kuɗi 665,000, sari 1,620,000, dawowar kaya 158,000, da bashin da shago yake bi 402,000. A dama akwai jari 500,000, ciniki 1,325,000, mayarwa ga diloli 150,000, da bashin da ake bin shago 870,000. Kowane gefe ya tashi naira 2,845,000. Idan gefen biyu suka ƙi haɗuwa, girman giɓin yakan nuna inda za a duba. Giɓin 56,000 ya kamata ya sa a nemi rabinsa, domin 28,000 ta mai tebur da aka sanya a gefen da ba nata ba tana haifar da ninkinta. Giɓin da tara take raba shi ba saura yakan fito ne daga juya lambobi, kamar a kwafi 182,000 a matsayin 128,000, wanda zai bar 54,000. Sai dai haɗuwar gefen biyu ba shaidar gaskiya ba ce, kamar yadda misalin buhuna biyu ya nuna. Abin da ke kama irin wancan kuskure shi ne a karɓi bayanin bashi daga kowane dila a gwada da shafinsa, a kuma karanta wa kowane mai saye abin da ake bin sa kafin wata ya yi nisa.

Ƙirgar haja ta nuna buhu 5 a kan 57,000, katan 12 masu lafiya a kan 12,000, da murƙusassun nan a kan 10,000 su biyun, jimla 439,000. Uwar kuɗin abin da aka sayar ita ce sari bayan cire mayarwa da sauran haja, wato 1,031,000. Ciniki bayan cire dawowar kaya 1,167,000 ne. Ribar ciniki kafin a cire kuɗaɗen gudanarwa ta zama naira 136,000. Mai shagon da yake kallon aljihu zai ga 665,000, ya ga ta fi jarinsa da 165,000, ya ɗauka ribarsa ke nan har ya fara ci daga ciki, alhali diloli suna bin sa fiye da duk kuɗin da ke hannunsa. Wani abu kuma da asusun dawowar kaya ya fito da shi fili shi ne cewa 158,000 daga cikin 860,000 na cinikin bashi sun juyo, kusan kashi 18 cikin ɗari. A shagon da ribarsa a buhu ba ta wuce 8,000 ba, wannan adadi ne da ya isa a tashi tsaye a kansa, a tambayi yadda dila yake ajiye kaya da yadda ake lodinsu. Da an soke layuka an gyara, cinikin zai nuna adadi mai tsabta, kuma babu wanda zai san an yi wannan hasarar wahala.

Suka da amsoshinsu

Suka na farko shi ne na nauyi. Littattafan koyarwa suna jera littafin sarin bashi, na cinikin bashi, na kayan da suka dawo, na kayan da aka mayar, ga littafin kuɗi, ga leja, sai a ce wane mai shago ne da yaro ɗaya zai riƙe wannan duka? Sukan yana da gaskiya a kan yawan littattafai, amma bai taɓa hujjar ba. An raba littattafan ne domin kasuwancin da harkokinsa suke da yawa, inda ake tara jimlar wata a kai leja sau ɗaya maimakon layi-layi. Shagon misalinmu bai yi harkar bashi da ta wuce goma sha ɗaya ba a watan, kuma littafi ɗaya mai ginshiƙin hagu da na dama ya ishe shi, ko littafin makaranta da aka raba shafukansa kashi huɗu. Abin da ake nema shi ne kowace mayarwa ta sami layinta da lambar takardarta, ko a littafi nawa ne.

Suka na biyu ya fi ƙarfi, kuma daga maƙwabta yake zuwa. A Jamhuriyar Nijar da Kamaru da Chadi da sauran ƙasashen ƙungiyar OHADA, tsarin lissafin SYSCOHADA, wanda sabon fasalinsa ya fara aiki a Janairun 2018, yana da lambobin asusu tsayayyu: 601 na sarin haja, 701 na cinikinta, 401 na diloli, 411 na masu saye. A can, idan mai saye ya dawo da kaya, abin da aka saba shi ne a yi debit kai tsaye ga 701 a yi kiredit ga 411, ba tare da buɗe asusun dawowa na dabam ba. Mai suka zai ce tunda ƙasashe da yawa suna tafiya a haka, asusun dabam al'adar makarantun da suka gaji Ingila ce kawai. Amsa ita ce ko a can ba a soke layin farko. Ana fitar da takardar ragi, ana yin sabuwar shigarwa mai kwanan watanta, kuma duk mai son jimlar dawowar kaya zai same ta a gefen hagu na asusun ciniki. Tsarin biyu sun haɗu a kan abin da ya fi muhimmanci. Na fi son asusun dabam ga ƙaramin shago ne saboda mai shi ba akanta ba ne da zai tsaya tsince layuka daga cikin asusu, gara adadin ya tsaya masa a gaban ido.

Suka na uku shi ne cewa ƙaramin shago lissafin shige da ficen kuɗi ya ishe shi, kuma dokoki ma sun sassauta masa. Gaskiya ne SYSCOHADA yana da sassauƙan tsari na 'yan ƙananan kasuwanci da aka gina a kan kuɗin da suka shiga da waɗanda suka fita, haka kuma Dokar Kuɗi ta Nijeriya ta 2019, wadda ta ɗaga harajin kayan masarufi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari, ta ɗauke wa kasuwancin da cinikinsa bai kai naira miliyan 25 a shekara ba nauyin karɓar wannan haraji a wancan lokaci. Amma sassaucin hukuma yana magana ne a kan abin da za a kai mata. Bai canza gaskiyar cewa shagonmu ya rufe wata da bashin 870,000 a kansa da 402,000 a waje ba, kuma littafin kuɗi shi kaɗai ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu. Dawowar kayan da aka sayar bashi ma ba ta motsa kwabo, don haka a lissafin kuɗi zalla kamar ba ta faru ba. Irin wannan lissafi ya dace da wanda ba ya ci ba ya ba da bashi, kuma ba shi ne muke magana a kai ba.

Akwai masu cewa manhajar waya ta raba gardama. Manhaja tana sauƙaƙa tarawa da kai jimla leja, amma mutum ne zai gaya mata ko buhun ya koma a kan 57,000 ko 65,000, kuma manhajar da take barin a goge tsohon ciniki ba tare da ta bar sawu ba ta maimaita laifin soke layi ne cikin sauri. Akwai kuma masu jin cewa miƙa wa abokin ciniki takarda alamar rashin yarda ce. Wannan ya fi sauƙin magancewa a watan farko fiye da kowane lokaci, domin wanda ya tarar da shago yana ba kowa takarda tun ranar buɗewa ba zai ga an ware shi ba, alhali fara ta bayan shekara guda zai yi kama da zargi.

Wuri ɗaya ne nake ganin za a iya sassautawa. Idan mai saye ya dawo da katan nan take aka musanya masa da irinsa a kan farashi ɗaya, bashinsa bai motsa ba, cinikin ma bai motsa ba, don haka ba a buƙatar shigarwa a littafin farko. Abin da ake buƙata shi ne a rubuta a littafin haja cewa katan mai lafiya ya fita, mai aibi ya shigo, domin ranar ƙirga a san wanda za a ƙimanta ƙasa da uwar kuɗinsa. Amma da zarar musanyar ta ƙetara kwana, ko farashi ya bambanta, ko an ba shi wani kaya dabam, to an koma shigarwa biyu: dawowa a kan tsohon farashi, sannan sabon ciniki a kan farashin ranar, kowanne da takardarsa.